Furostet Da Fitsarin Dattawa: Abin Da Kowane Gwaji Ke Faɗa Wa Likita

Yawancin dattawan da ke tashi sau uku ko huɗu cikin dare don kama ruwa ba sa ɗaukar abin a matsayin ciwo. Tsufa ne, in ji su. Mutum zai tsuguna ya yi ta jira kafin fitsari ya taho, idan ya taho kuma siriri, yana yankewa yana dawowa, ya gama ya yi tsarki ya miƙe sai ya ji ɗigo a wando. Ga Musulmi wannan ɗigon ya fi komai ci masa rai, domin shi ne ke sa shi sake alwala da canza wando, har wani ya fara gudun sahun gaba a masallaci. Da yawa sai sun shekara biyar a haka ba su gaya wa ko matansu ba. Ranar da fitsarin ya tsaya cak, ita ce ranar da 'ya'ya ke jin labari.

A mafi yawan lokuta abin da ke kawo wannan shi ne girman furostet. Wata tsoka ce da maza kaɗai ke da ita, tana zaune daidai ƙarƙashin mafitsara, kuma bututun da ke fitar da fitsari ta tsakiyarta ya ratsa. Aikinta samar da wani sashe na ruwan maniyyi. A jikin saurayi ba ta fi girman goro ɗaya ba, nauyinta wajen giram 20. Daga shekara 40 zuwa sama takan fara ƙaruwa a hankali, musamman ɓangarenta na ciki da ke manne da bututun. Kusan rabin mazan da suka kai 60 suna da wannan ƙaruwar, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa takwas ne cikin goma ko fiye. Wannan girma ba kansa ba ne, ba ya kuma rikiɗewa ya zama kansa, sai dai mutum ɗaya na iya samun duka biyun a lokaci guda, shi ya sa likita ke bincika kowanne daban.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne girman tsokar bai cika tafiya daidai da wahalar da mutum ke sha ba. Akwai mai furostet ta giram 100 da ke fitsarinsa lami lafiya, akwai mai giram 35 da fitsari ke gagara. Inda tsiron ya nufa shi ne magana: idan ya yi waje ba ya matse komai, idan ya danno ciki ko ya tusgo ƙofar mafitsara sai hanya ta ƙuntata. Saboda haka takardar sikanin da aka rubuta cewa furostet ta girma ba ita kaɗai za ta sa a ce a yi tiyata ba.

Alamomin iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu na da amfani. Na farko na toshewar hanya ne: jinkirin fitowa, rashin ƙarfi, yunƙuri, yankewa, da jin cewa ba a gama ba. Na biyu daga mafitsara suke. Mafitsara tsoka ce, idan ta shekara tana turo fitsari ta ƙuntatacciyar hanya sai bangonta ya yi kauri, ta zama mai saurin motsawa. Ɗan fitsari kaɗan ya taru sai ta matsa, mutum ya ji kamar ba zai kai banɗaki ba. Daga nan yawan zagayawa da tashin dare ke fitowa. Idan abin ya daɗe sosai tsokar takan gaji ta saki, kuma wannan ne matakin da ake gudu, domin mafitsarar da ta saki ba lallai ta dawo da ƙarfinta ba ko da an buɗe hanyar daga baya.

Ba duk matsalar fitsarin dattijo ce daga furostet ba. Ciwon suga da ba a shawo kansa ba na sa yawan fitsari. Wasu magungunan hawan jini aikinsu ke nan, fitar da ruwa, idan aka sha su da yamma to an yi sallama da barci. Ciwon sanyin da aka yi tun ana saurayi ba a yi masa maganin kirki ba yakan bar tabo ya tsuke bututun, kuma wannan ba ya jin maganin furostet ko kaɗan. Jini a fitsari kuwa, musamman ga wanda ya taso a bakin rafi ko fadama inda tsargiya take, yana bukatar a leƙa mafitsarar kanta kafin a ɗora wa furostet laifi.

A ɗakin likita

Don abin ya fito sarai, mu ƙaddara wani dattijo mai shekara 64, tsohon malamin makaranta, da ɗansa ya kai shi asibitin koyarwa wajen likitan hanyoyin fitsari. Likita zai fara ne da tambayoyi bakwai waɗanda ake amfani da su a duniya tun shekarun 1990, a takarda ana rubuta su IPSS. Kowace tambaya tana da maki daga 0 zuwa 5. "Baba, a cikin watan nan sau nawa ka gama fitsari ka ji kamar da saura? Sau nawa ka koma kafin awa biyu? Sau nawa kake tashi da dare?" Idan jimla ta tsaya 7 ko ƙasa abin mai sauƙi ne, 8 zuwa 19 matsakaici, 20 zuwa 35 mai tsanani. Malam ya sami 18. Akwai tambaya ta takwas da ba ta shiga lissafi, amma a ganina ta fi sauran nauyi: idan haka za ka ci gaba da rayuwa, yaya za ka ji? Wani mai maki 12 zai ce ba zai iya ba, wani mai 20 zai ce ya saba.

Sai gwajin da ke korar maza daga asibiti, wato likita ya sa safar hannu ya taɓa furostet da yatsa ta dubura. Bai kai minti ɗaya ba, kuma babu na'urar da ta maye gurbinsa a inda kuɗi suka yi ƙaranci. Furostet mai girman tsufa santsi gare ta, da ɗan taushi, ko'ina daidai. Idan yatsa ya ji tauri ko wani ƙulli a gefe guda, magana ta canza, ko da gwajin jini ya fito lafiya. Za a kuma duba fitsari don neman ƙwayoyin cuta, jini ko suga, a ɗebi jini a ga yadda ƙoda ke aiki.

Lambar da ke hana barci

Gwajin jinin da ya fi shahara shi ne PSA. Wani sinadari ne da furostet ke yi don tsinka maniyyi, ɗan kaɗan daga ciki ke tsallakawa cikin jini. Duk abin da ya ƙara wa furostet girma ko ya dame ta zai ƙara yawan wanda ke tsallakawa. Kansa na yin haka, amma girman tsufa ma na yi, haka ƙwayoyin cuta a fitsari, toshewar fitsari, sa roba, har ma saduwa da iyali cikin kwana biyu kafin gwajin. Don haka PSA ba ya cewa mutum na da kansa. Abin da yake cewa shi ne a ƙara dubawa ko kuwa a kwantar da hankali.

An saba ɗaukar 4 a matsayin iyaka, kodayake abin da ake sa rai yana hawa da shekaru: lambar da za ta tayar da hankali a kan mai shekara 50 tana iya zama ba komai ba ga mai 78. Tsakanin 4 da 10 shi ne wurin ruɗani. Idan aka ɗebi tsokar mutanen da ke wannan tsakanin aka duba, kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu ake samu da kansa, sauran ukun ba su da ita. A ɗaya gefen kuma, akwai masu kansa da lambarsu ba ta kai 4 ba. Abin takaici ne yadda wasu ɗakunan gwaji ke miƙa wa dattijo takarda da lamba 6 an zagaye ta da jan biro, babu bayani, ya koma gida ya fara rabon wasiyya.

Na Malam ya fito 5.6. Likita bai firgita ba, bai kuma yi watsi da shi ba. Ya tabbatar babu ƙwayoyin cuta a fitsari, ya ce a sake bayan mako shida, ya fito 5.4. Sikanin ya nuna furostet ta kai mililita 60, wato ninki uku na ta saurayi. Sai ya raba 5.4 da 60, ya sami 0.09. Likitoci sun fi damuwa idan wannan rabon ya wuce 0.15, domin yana nufin lambar ta fi ƙarfin girman tsokar. Ga Malam girman ya isa ya bayyana lambar, yatsa kuma bai ji ƙulli ba. Da lambar ta ci gaba da hawa, ko da a ce mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi kansar furostet, da mataki na gaba hoton MRI ne inda ake da shi, sannan a ɗebi ɗan tsoka da allura. Ya kamata a san cewa kansar furostet ta fi yawa kuma ta fi saurin bayyana a jikin baƙar fata, kuma a farkonta ba ta nuna wata alama. Shi ya sa hira da likita a kan wannan gwaji tun daga shekara 45 ba gaggawa ba ce.

Auna gudun fitsari

PSA bai ce komai ba game da abin da ya kawo Malam asibiti, wato ko hanyar ta toshe. Wannan aikin gwajin gudun fitsari ne, kuma babu gwajin da ya kai shi sauƙi: ba allura, ba zafi. Za a ba mutum ruwa ya sha, ya jira har ya ji fitsari kamar yadda ya saba ji, sai ya yi a cikin wani mazurari da ke haɗe da na'ura. Na'urar na auna mililita nawa ke fita a kowace daƙiƙa, ta zana shi a takarda. Na mai lafiya zanen kan tashi da sauri ya kai ƙololuwa ya sauko, duka cikin daƙiƙa 20 zuwa 30. Na mai toshewa kan kwanta ƙasa-ƙasa ya yi ta ja, wani lokaci har fiye da minti.

Lambar da ake nema ita ce gudu mafi ƙarfi da aka kai. Sama da mililita 15 a daƙiƙa, da wuya a ce akwai toshewa. Ƙasa da 10, akwai yiwuwarta sosai. Amma sharaɗi ne fitsarin ya kai aƙalla mililita 150, kusan sulusin ledar fiya wata, domin mafitsarar da ba ta cika ba ba ta turowa da ƙarfi ko ta saurayi ce. Cika ta fiye da kima ma na ɓata sakamako. Ga kuma wani abu da ya shafe mu: na'urar an tsara ta ne don mai fitsari a tsaye ko a zaune kan kujera, alhali dattijon da ya shekara sittin yana tsugunawa, ga ma'aikaciya a bayan labule, fitsarin na iya ƙin zuwa yadda ya saba. Mutum na da damar ya ce wannan ba irin fitsarinsa na kullum ba ne, a sake. Likitan kirki ba ya yanke hukunci a kan gwaji ɗaya.

Da an gama sai a ɗora na'urar sikanin a mara a ga abin da ya rage a mafitsara. Ƙasa da mililita 50 ba damuwa. Idan ana samun 200 ko 300 a kai a kai, mafitsara ta fara gazawa. Malam ya yi mililita 220, gudunsa mafi ƙarfi 8, abin da ya rage 120. Wato hanya ta ƙuntata, mafitsara ta fara barin saura, amma ƙoda lafiya lau.

Gwajin na da iyakarsa. Fitsari marar ƙarfi na iya zama daga toshewar hanya, yana kuma iya zama daga mafitsarar da ta yi rauni, kamar yadda ake gani ga masu daɗaɗɗen ciwon suga ko waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Zanen duka biyun kusan iri ɗaya ne. Idan akwai shakka kuma ana maganar tiyata, akwai gwaji na gaba da ake zura siririn bututu a auna ƙarfin matsawar mafitsara yayin da fitsari ke fita. Matsi mai yawa da gudu kaɗan, toshewa ce, tiyata za ta yi amfani. Matsi kaɗan da gudu kaɗan, mafitsara ce ta gaji, kuma kankare furostet ba lallai ya gyara komai ba. Ba kowane asibiti ke da wannan na'urar ba.

Magani

Wanda makinsa bai wuce 7 ba, ko abin bai dame shi ba kuma ƙodarsa lafiya, ba ya bukatar ƙwaya. Ya rage shan ruwa awa biyu zuwa uku kafin kwanciya, ba wai ya daina sha da rana ba. Ya sassauta wa shayi, kofi da goro da yamma, domin duk suna tsokano mafitsara. Idan ya gama fitsari ya ɗan jira ya sake gwadawa. Don maganin ɗigon nan kuwa, ya sa yatsu a bayan 'ya'yan maraina ya shafo bututun a hankali zuwa gaba kafin ya yi tsarki, saboda a wannan lanƙwasar ragowar ke maƙalewa. Sannan ya koma a duba shi duk shekara.

Ƙwayoyin kashi biyu ne manya. Kashi na farko, irin su tamsulosin, suna sassauta zaren tsokar da ke cikin furostet da wuyan mafitsara. Cikin 'yan kwanaki ake jin sauƙi, amma ba sa rage girman komai. Sukan sa jiri idan mutum ya miƙe da sauri, abin lura ga mai tashi sallar dare, wasu kuma su ga maniyyi ya ragu. Duk mai shan su da za a yi wa aikin yanar ido dole ya gaya wa likitan ido tun da wuri, domin maganin na sa wani sashe na cikin ido ya yi laushi lokacin aikin. Kashi na biyu, finasterid da dutasterid, suna tare sinadarin da ke ciyar da furostet, su rage mata kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar. Sai an yi wata shida ana sha kafin a ga amfaninsu, sun fi dacewa da mai babbar furostet, kuma su ne ke rage haɗarin toshewa da tiyata nan gaba. Kaɗan daga masu sha kan yi kukan raguwar sha'awa. Mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe.

Tunda furostet ɗin Malam babba ce, an haɗa masa duka biyun. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna haɗin ya fi kowanne shi kaɗai hana ciwon ci gaba. Bayan wata shida makinsa ya sauko 9, gudun fitsari ya hau 13. A nan ne akwai tarkon da ke kama har ma'aikatan lafiya: finasterid na raba PSA biyu. Bayan wata shida zuwa shekara ana sa ran na Malam ya dawo wajen 2.7. Idan wata rana ya je wani ɗakin gwaji aka sami 3.8 aka ce masa lafiya lau tunda bai kai 4 ba, an yi kuskure, domin ainihin lambar ta kusa 7.6, kuma tana hawa ne a lokacin da ya kamata tana ƙasa. Duk inda zai yi gwajin sai ya faɗi maganin da yake sha.

Kasuwa cike take da garin magani da ruwan jarka da ake cewa suna narkar da furostet cikin mako biyu. Alamomin ciwon nan da ma sukan lafa su dawo da kansu, shi ya sa kowane mai magani ke samun wanda zai ba da shaida. Ba a ganin ɓarnar jinkirin sai ƙoda ta taɓu.

Ranar da fitsari ya tsaya

Toshewa gaba ɗaya takan zo da dalili na kusa: doguwar tafiya a mota ana riƙe fitsari, taurin bayan gida, ko maganin mura da aka saya a kemis, musamman mai buɗe hanci da mai sa barci. Mara ta kumbura, ciwo ya hana zama. Wannan na gaggawa ne, a nufi asibiti a sa roba a zuƙe, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Sau da yawa akan fara tamsulosin, bayan 'yan kwanaki a cire robar a gwada, kuma da dama fitsarin kan dawo. Wanda dole ya zauna da roba kafin a yi masa aiki, a riƙa canza ta a kan lokacin da aka ba shi, ya kuma yawaita shan ruwa. Akwai wata toshewar marar ciwo wadda ta fi wannan haɗari: mafitsara ta cika ta yi ta tsiyaya, dattijo ya fara fitsarin kwance, iyali su zaci ruɗin tsufa ne, alhali fitsarin na komawa baya yana danne ƙoda.

Ana zuwa ga tiyata idan toshewa ta maimaitu, ko ƙoda ta fara lalacewa, ko tsakuwa ta fito a mafitsara, ko jini da ƙwayoyin cuta sun ƙi ƙarewa, ko kuma magani ya gaza. Aikin da aka fi yi shi ne TURP: ba a tsaga ciki, ta bututun fitsari ake shigar da na'ura a kankare ɓangaren da ya toshe hanya. Ya fi dacewa da furostet da ba ta wuce mililita 80 ba. Wadda ta fi haka akan tsaga mara a ciro tsiron, aikin da likitocinmu suka ƙware a kai saboda yawancin marasa lafiya ba sa zuwa sai ta yi girma sosai. Akwai kuma aikin leza mai ƙarancin zubar jini a 'yan cibiyoyi, da tsadarsa.

Bayan TURP akan kwana biyu ko uku da roba, a yi 'yan makonni ana ganin ɗan jini jefi-jefi, a kuma guji ɗaukar kaya masu nauyi wajen wata guda. Yawan zagayawa da tashin dare kan ɗauki watanni kafin su lafa, saboda mafitsara ba ta manta halinta da wuri. Ƙarfin mazakuta yawanci yana nan yadda yake. Abin da ke canzawa ga kusan biyu cikin uku shi ne maniyyi ya riƙa komawa mafitsara maimakon ya fito, ya biyo fitsari daga baya. Ba ya cutarwa, amma yana rage yiwuwar haihuwa ƙwarai, kuma dattijon da ke da amarya yana son ƙarin 'ya'ya ya cancanci ya ji wannan kafin ya sa hannu a takarda. Naman da aka kankaro ana kai shi ɗakin gwaji, don haka a koma a karɓi sakamakon ko da fitsari ya dawo garau. Ɓangaren waje na furostet, inda mafi yawan kansa ke farawa, aikin bai taɓa shi ba, saboda haka gwajin PSA da na yatsa za su ci gaba a kan lokacin da likita ya tsara.